Biyar da Bonas

A shekarar da abin ya faru, 1997, ni akawu ne a wani ƙaramin ofishin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina da kafili, ubangidan da ya tsaya mini, mai sauƙin kai, ina da sakandaren da na gama a gida, kuma waɗannan abubuwa uku sun ishe ni ɗaga kai a cikin 'yan'uwanmu Hausawan Jidda. Duk wanda aka aiko wa takarda da Turanci ni yake nema. Na saba a tambaye ni, ban saba in tambaya ba, kuma wannan halin ne ya cuci mutumin da na fi ƙauna a garin.

Tela ne, mutumin Gusau. Baba muke ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. Ya zo aikin Hajji a 1980, da gangan ya bari jirginsu ya tashi ba shi, don ya ce sai ya tara abin da zai yi wa ɗakin matarsa rufin kwano. Shekara goma sha bakwai ke nan, ba iƙama, ba komawa. Yana da wani lungu a kasuwar Bab Makka, nan cikin Jidda, tsakanin shagunan yadi biyu, faɗinsa bai wuce tabarmar salla biyu ba, da tsohon keken ɗinki na ƙafa wanda ya saya a shekararsa ta uku. A nan yake rage tsawon jallabiya, yana kafa maɓalli, yana aika wa gida abin da ya samu. Samun gurbi irin wannan a Bab Makka ga wanda ba shi da takarda ba ƙaramin abu ba ne. Lungun da keken su ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma kowa ya san maganarsa, cewa ba zai shiga Gusau hannu rabbana ba ko da zai mutu a nan.

A wurinsa nake shan shayi bayan la'asar. Yana ce mini Malam Akawu in yana son tsokana, in kuma maganar gaske ce sai ya ce ɗana.

Ina da ɗan kawu a Ingila, yana aiki a wani sito. Shi ya fara ba ni labarin cacar lambobi da ake yi a can, wadda suke kira lotiri. Ka zaɓi lambobi shida daga ɗaya zuwa arba'in da tara, a buga maka tikiti, ranar Asabar a juya ƙwallaye a cikin inji a fitar da masu ci. A Jidda babu wannan, doka ta hana, addini ma ya hana, kuma duk mun sani. Amma na lallaɓa zuciyata da cewa ai ba a nan ake yi ba, a can ake yi. Muka shirya da ɗan kawun nawa: yana saya mana tikiti, ranar Lahadi da safe ya aiko da lambobin da suka fito ta injin fakis na ofishinmu. Ya ce shi ba zai zauna duba wa kowa ba, kowa ya duba nasa.

Mu huɗu ne da farko, ni da abokaina uku. Baba ya ƙi shiga.

“Malam Akawu,” in ji shi, “a ƙasar Manzo za ka sa ni caca? Da furfurata?”

Na ce masa ai kamar reful ne, kuma rabin kuɗin ma taimako ake yi da shi. Ban san ko rabi ne ko ba rabi ba, bakina ne kawai ya faɗa. Na yi ta yi masa naci wajen wata biyu. Na san inda ke masa ciwo, can na riƙa taɓawa: rufin kwano, da matar da ta tsufa tana jira, da 'yar da ya bari tana rarrafe aka aurar ba ya nan. Wata rana ya tsaya da taka keke, ya ɗauki allin da yake zana yadi, ya rubuta lambobi shida a bayan wani kwalin maɓalli da rubutun Larabci. Na kwafa na aika, ban ajiye kwafi a wurina ba. Kwalin ya zauna a aljihunsa.

A ranar na yi masa bayanin matakan ci, a tsaitsaye, ina kallon agogo. Na ce shida ita ce uwa, wadda ba a ko mafarkinta. Ƙasa da ita akwai biyar da bonas, sannan biyar, sannan huɗu, sannan uku. Ya ce mene ne bonas. Na ce wata ƙwallo ce ta bakwai da ake fitarwa daban bayan an gama fitar da shidan, kamar gyara. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, gyara, irin wanda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Ya gyaɗa kai. Wa bai san gyara ba? Ana zuba shi a cikin buhu ɗaya da sauran, a ƙirga shi tare.

“To biyar da bonas ɗin nan nawa ake ba mutum?”

Na ce abin da zai gina gida a Gusau ya kuma ragu a ja jari. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Wata bakwai muna yi, ba wanda ya ci komai sai mutum ɗaya da ya taɓa samun uku. Duk Lahadi nakan buga waya shagon yadin da ke jikin lungun Baba, a kira shi, in karanta masa lambobi bakwai, in ce ta ƙarshen ita ce bonas. Shi kuma ya ce, “Halas, Malam Akawu, yau ma Turawa sun ci kuɗin shayina.”

Ranar Lahadin da nake magana, aiki ya yi mini yawa. Akwai kwantena uku na wani ɗan kasuwa da ake jiran in je tasha in sa a duba. Na karanta wa Baba lambobin da sauri na ajiye waya. Ina ɗaukar jakata wayar ta sake ƙara. Shi ne, amma da ƙyar na gane muryar.

“Ɗana, biyar sun fito.”

Na ce, “Biyar?”

“Biyar, da bonas ɗin.”

“Baba, biyar da bonas?”

“Biyar da bonas. Na duba sau uku, mai shago ma ya duba.”

Tambaya ɗaya ce ta rage in yi: Baba, a cikin shidan naka, akwai wadda ba ta fito ba? Ko in ce ya karanto mini lambobin. Minti ɗaya ba za a yi ba. Ban yi ba. Na ji kalmomin da ni na koya masa sun dawo mini daidai yadda na faɗe su, sai na ɗauka ma'anarsu ma ɗaya ce. Na yi kabbara har abokin aikina ya ɗago kai. Na ce, “Baba, ka tafi gida! Wallahi ka tafi gida! Mataki na biyu ne wannan!” Na ji yana ta alhamdulillahi. Na ce ya jira ni sai bayan la'asar.

Na nemi ɗan kawuna a waya, ba ya gida. Na wuce tasha. Duk yinin nan ina tsaye a rana cikin ƙarar manyan motoci ina murmushi ni kaɗai, ina ji kamar ni na yi masa arzikin. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin nan gaba, da irin rawar da na taka a ciki.

Da na isa Bab Makka bayan la'asar, wani ne a kan keken Baba. Na san shi, Bahaushe ne haihuwar Jidda, mai 'ya'ya bakwai, wanda ke ɗinkin ƙodago a shagunan mutane don bai taɓa mallakar keke ba. Yana ganina ya miƙe ya rungume ni.

“Mabruk, ya akhi, mabruk! Ammi ya ba ni makina, ya ba ni mahal ɗin gaba ɗaya, wallahil azim. Ya yi wa mai shago magana, halas, an gama.”

Baba yake nufi da Ammi, makina da mahal kuwa keken ne da lungun. Baba yana zaune a kan benci a gefe, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya ce tun da daɗewa ya yi alwashi, duk ranar da Allah ya buɗe masa hanyar gida, keken da gurbin na wannan bawan Allah ne. Ya ce kuma ya je wurin buga waya, ya samu maƙwabcinsu mai tarho a Gusau, an kira masa matarsa. Shekara goma sha bakwai bai taɓa ce mata ga ni nan zuwa ba sai yau.

“Na ce mata Allah ya buɗa. Ban ce mata ta ina ba. Na ce ta nemo magini ya fara duba fili. Kuka take yi, ɗana, har ta kasa magana.”

Ya ciro kwalin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya yi wa lambobin da suka fito alama da alli. Na ƙirga alamomin: biyar. Na duba takardar fakis. Huɗu suna cikin shidan farko, ta biyar ita ce bonas. Lamba ɗaya a ƙarshen kwalin, talatin da takwas, tana zaune ba alama a kanta.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon talatin da takwas ɗin nan ba. Da da hali da na ce ina zuwa, in fita in yi ta tafiya har teku. Amma yana kallona, yana jiran in faɗi ranar da kuɗi za su iso.

Na ce mu koma ciki. Na sauko da gwangwanin maɓallansa, na ƙirga arba'in da tara a kan teburin yanka. Bayanin da ya kamata in yi masa wata bakwai da suka wuce, shi na yi a lokacin. Na ware shida gefe ɗaya, na ce waɗannan su ne masu ci, su kaɗai ake ƙirgawa. Saura arba'in da uku. Daga cikinsu na ɗauki ɗaya, ja, na ajiye shi nesa da shidan. Na ce wannan shi ne bonas, kuma ba gyara ba ne, ni na yi kuskuren faɗa. Ba ya shiga buhu. Aikinsa ɗaya ne tak: in mutum ya riga ya sami biyar daga cikin shidan can, sai a dubi lambarsa ta shida da ta kuskure, in ta dace da jan nan ya hau mataki na biyu, in ba ta dace ba ya tsaya a na uku. Wanda bai kai biyar ba, jan nan bai san da shi ba.

“To ai biyar gare ni,” in ji Baba.

“Biyar har da bonas, Baba. Abin da ake nema biyar ne, sannan bonas a kansu. Sai duk lambobinka shida sun fito a cikin bakwai ɗin. Kai huɗu gare ka.”

Ya dubi maɓallan. Ya sa yatsa ya turo jan zuwa cikin shidan, ya sake janye shi.

“Wato in ka ce biyar da bonas, shida kake nufi.”

“Shida, Baba.”

“Amma da Hausa ka faɗa mini.”

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Kuma gaskiyarsa ne. In mace ta ce mu biyar ne da jaririn, ba wanda zai rantse ko biyar ne ko shida sai ya leƙa ɗakin. Ni da na san haka, ni da ake kira a karanta wa mutane takarda, ban leƙa ba.

Daga baya, cikin kwanakin da ba na iya cin abinci sosai, na zauna da fensir da ƙaramar takardar bayani da ɗan kawuna ya taɓa aiko mini, wadda na jefa a durowa ban karanta ba. Hanyoyin zaɓen lamba shida daga arba'in da tara sun kusa miliyan goma sha huɗu, ɗaya ce kawai a cikinsu take cin uwar. Masu dacewa da biyar kuwa, kowace ɗaya daga cikin shidan za a iya kuskurewa, kuma a madadinta akwai lambobi arba'in da uku, shida sau arba'in da uku ke nan, ɗari biyu da hamsin da takwas. Da babu bonas, duk waɗannan su ne mataki na biyu. Ƙwallo ta bakwai ɗin ce take zuwa ta tsaga su, ta ɗauki shida kacal ta ɗaga sama, ta bar ɗari biyu da hamsin da biyu a ƙasa. Shi ya sa kuɗin mataki na biyu ke da yawa, don kusan ba kowa a wurin. Damar samunsa ɗaya ce cikin miliyan biyu da dubu ɗari uku da talatin da 'yan kai, sau shida kawai ya fi uwar sauƙi. Ko wanda ya riga ya kama biyar ma, sau ɗaya cikin arba'in da uku ne bonas za ta faɗo masa. Huɗu kuwa, irin ta Baba, tana zuwa sau ɗaya cikin dubu da talatin da biyu. Da na san wannan lissafin ranar Lahadin, da jin maganar kawai zai sa in ce a sake karanto mini. Na yi wata bakwai ina jan dattijo zuwa abin da ban taɓa zama na auna ba.

Mai 'ya'ya bakwai ya ji komai daga bakin ƙofa. Mutumin kirki ne. Ya shigo ya ce, “Ya ammi, makinarka ce, mahal ɗinka ne, ni ban karɓa ba. Yalla, zauna.”

Baba ya girgiza kai. “Na ba ka a gaban mutane, na ce don Allah. Ba zan lashe amaina ba.”

Muka yi ta roƙo, har mai shagon yadi ya sa baki. Ya ƙi. Na ce to bari in buga Gusau da kaina in ce kuskure aka yi, ni na yi shi. Nan ne kawai ya ɗaga mini murya, sau ɗaya a duk zamanmu.

“Ka ce mata me? Kuskuren me? Ka ce mata mijinta caca yake yi a ƙofar Makka?”

Sannan ya sassauta murya.

“Na ce mata ina zuwa. Shekara goma sha bakwai ban yi mata ƙarya ba, don ban taɓa sa mata rana ba. Yau na sa.”

Ranar Talata na samu ɗan kawuna, ya tabbatar da abin da na riga na sani. Kuɗin huɗun ba su kai rabin tikitin jirgi ba. Da suka iso na kai wa Baba a ambulan, a ɗakin da yake kwana da wasu mutum biyar. Ya ƙi taɓawa. Ya ce in ba mabukaci, kuma kada in ce daga gare shi. Sannan ya yi wata 'yar dariya da har yau nake ji.

“Ka ga halin ɗan Adam, Malam Akawu. Da na ɗauka kuɗin gina gida ne ban tuna haramun ne ba. Sai da ya zama na shayi.”

Na ce zan saya masa tikiti, zan haɗa masa ɗan abin da zai shiga gida da shi. Ya karɓi turmin yadi biyu don matarsa, ya ce sauran in bari. Wanda ba shi da takarda ba tikiti yake bukata ba, tarhil yake bukata, wato ya miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi ƙasarsu. Mako biyu bayan haka na raka shi ƙarƙashin gadar da irinsu ke taruwa suna jiran motar da za ta kwashe su. Da hantsi ne, zafi ya riga ya sauko. Jakarsa ɗaya, a ciki akwai yadin nan, da almakashinsa, da tef ɗin awo.

Na durƙusa a gabansa cikin mutane na ce ya yafe mini. Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni.

“Kai ka ce biyar da bonas, ni na ce biyar da bonas. Wa ya yi ƙarya a cikinmu? Tashi, kana ɓata wandonka.”

Ban sake ganinsa ba. Na daina lotiri tun daga makon, ban ce wannan wani abin yabo ba ne, bayan tulu ya fashe ne.

Labarinsa ya riƙa zuwa mini ta bakin alhazan Gusau, shekara bayan shekara. Matarsa ta riga ta gaya wa unguwa duka. An tarbe shi da abinci da guɗa, magini ma ya zo gaisuwa. Aka jira a ga an fara sauke bulo, ba a gani ba. Bayan wata biyu aka gan shi a kasuwa yana ɗinkin ƙodago a kan keken wani. Bai yi wa kowa bayani ba. Sai mutane suka yi wa kansu bayanin: ai kuɗin suna nan, ɓoyewa ya yi don kada dangi su ci. Surukinsa ya daina gaishe shi. Wani alhaji da na tambaya a 2004, bai san alaƙata da shi ba, ya ce, “Wannan tsohon marowacin? Ai ya rasu bara. Har ya mutu bai nuna wa kowa inda ya binne su ba. Ɗakin matar ma har yanzu na ciyawa ne.”

Na buɗe baki in ce mutumin nan ya kyautar da kekensa da gurbinsa a yini ɗaya, an mayar masa ya ƙi karɓa. Sai na tuna in na fara sai na faɗi dalili, kuma dalilin ne ya zaɓi a kira shi marowaci da a ji shi. Na ce Allah ya jiƙansa. Alhajin ya ce amin, a gajarce, ya tambaye ni inda ake samun yadi mai sauƙi a Bab Makka.